Ta'aziyya a Waya: Ku Sassauta, 'Yan "Zumunta a Ƙafa Take"

Tun ban buɗe baki ba na hango ku, kun kasu gida biyu. Ga dattawa can a kan tabarma suna kaɗa kai, suna cewa yau kuma mutuwa ce za a mayar abin dannawa da babban yatsa, alhali zuwa da kai ya fi aike. Ga samari a gefe suna murmushi, wai me ke da wuya a rubuta "Allah ya jiƙansa" har mutum ya ɓata takarda a kai? Ku duka ku gyara zama, kowa zai sami rabonsa. Da dattawa zan fara, domin ladabi ne, kuma domin tasu hujjar ta fi saurin faɗuwa.

Ranka ya daɗe Alhaji, kai da kake cewa aiken ta'aziyya baƙon abu ne na 'yan zamani, a wane zamani ne labarin mutuwa ya taɓa tafiya da ƙafar mai gida kaɗai? Tun 1929 jirgin ƙasa ya iso Ƙaura Namoda, nan layin da ya taso daga Zariya ta Gusau ya tuƙe, kuma ba gyaɗa da auduga kawai yake ɗauka ba, har da wasiƙu. Bayansa direbobin tasha suka karɓi aikin, a ba su takarda a ninke a ce a miƙa wa wane a Sabon Garin Kano. Kai da kanka ka sha kasa kunne ga sanarwar rasuwa a Rediyon Kaduna, ka ji sunan aboki, ka yi salati, ba ka ce rediyo ya ɓata zumunci ba. In kuma hujjar addini kake so, Buhari da Muslim sun ruwaito cewa wata 'yar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta aiko masa cewa ɗanta yana gargarar mutuwa. Sai ya mayar da ɗan aike da sallama da kalmomin ba da haƙuri. Da ta sake aikowa tana roƙon ya zo, sai ya tashi ya tafi tare da wasu sahabbai. Aike ya fara zuwa, ƙafa ta biyo baya. Kada ka yi saurin tafawa a kan rabin ƙarshe ka manta da rabin farko.

Sa'an nan mu faɗa wa juna gaskiya game da ƙasar da muke magana a kai. Ƙaura mararraba ce: hanya ɗaya ta bi ta Moriki zuwa Shinkafi ta zarce Isa, ɗaya ta bi ta Dauran zuwa Zurmi ta ɓulle Jibiya. Duk wanda yake da dangi a waɗannan garuruwa ya san cewa shekarun nan ba a hawa waɗannan hanyoyi sai an tambayi lafiyarsu, kuma akwai lokacin da ba mai hankalin da zai kama su. Tsohon da ya cika da Magariba a Zurmi, ɗansa na Legas ba zai riski jana'iza ba ko da hanya lafiya lau take, balle yanzu. A watan Mayun 2020 da Allah ya yi wa Sarkin Kiyawan Ƙaura Namoda, Alhaji Muhammad Ahmad Asha, rasuwa, ana tsakiyar kullen korona ne, an hana zirga-zirga tsakanin jihohi. Wanda yake Kaduna ko Abuja a ranar, da wace ƙafa kake so ya zo? Saboda haka maganar a yi ko kada a yi ta wuce. Zauren dangi na WhatsApp ya riga ya zama wurin da yawancinmu muke fara jin rashi. Abin da ya rage shi ne a yi shi da tsari.

To samari, ga ni gare ku, ku da kuke ganin abin ba wuya.

Babban laifinku gaggawa. Tsoho ya cika, mata ba su gama salati ba, ba a ma rufe masa ido ba, wani jika yana tsaye a bakin ƙofar ɗaki ya riga ya saki labari a zaure, ya ɗora hoton marigayi a status, kamar ana raba kyauta ga wanda ya fara faɗa. Bari in nuna muku abin da wannan ke jawowa. Mu ɗauka dattijo ne ya rasu a Shinkafi da hantsi, yana da 'ya da ke aure a Gusau, ga ta da tsohon ciki. Al'adarmu ta san yadda ake bi da irinta: a kira mijinta a gaya masa gaskiya, ita kuma a ce mata jikin Baba ya yi tsanani, ta shirya a kawo ta. Kowa ya san ma'anar wannan magana, ita ma zuciyarta ta ba ta, amma ana ba ta hanya ta shirya wa abin a hankali, har ta iso inda akwai hannun da zai riƙe ta. Sai ga ta a cikin motar haya tsakanin Gusau da Ƙaura, ta buɗe waya don ta ji ko an kai shi asibiti, ta yi kiciɓis da hoton ubanta da "Allah ya jiƙan Kaka" a ƙasa. Wa zai riƙe ta a nan? Kwandasta?

Ƙa'idar kuwa ba ta da tsawo. Akwai mutanen da bai halatta su ji mutuwa daga zaure ba: matan marigayi, 'ya'yansa maza da mata, 'yan'uwansa da suka fito ciki ɗaya, da iyayensa in suna raye. Waɗannan murya ake kai musu, ko a waya ko a aika mutum. Mai hawan jini, da mai ciki, da tsohuwar da ke zaune ita kaɗai, ba a ma kiran su kai tsaye, sai a kira wanda ke kusa da su ya je ya zauna tukuna. Babban gida, ko wanda ya wakilta, shi ne zai ce an gama da waɗannan, sa'an nan a saki sanarwa. Wannan ba ya cin fiye da rabin sa'a in an raba kiran tsakanin mutum uku ko huɗu. Na san abin da za ku ce: ai gawa ba ta jira, in an yi jinkiri mutane za su rasa sallar. Gaskiya ne ba ta jira, shi ya sa na ce rabin sa'a, ban ce rabin yini ba. In kuma an kira wani ba a same shi ba, kamar ɗan da ke gona ko ɗalibin da ke cikin aji, sai a tura maƙwabci ko aboki ya nemo shi, kada a bar waya ta riga su.

Abu na biyu da kuke cakuɗawa shi ne sanarwa da ta'aziyya. Sanarwa ta gidan rasuwa ce, mutum ɗaya ke yin ta, sau ɗaya. Ta'aziyya ta sauran dangi ce, tana biyo baya. Sanar da mutuwa don a taru a yi sallah ba abin ƙi ba ne, Annabi ya sanar da rasuwar Najjashi sarkin Habasha a ranar da ya rasu, ya fita da sahabbai suka yi masa sallah. Abin da malamai suka hana shi ne shela irin ta jahiliyya, ta kururuwa da kirarin alfahari. Ga yadda sanarwar dattijon nan na Shinkafi ya kamata ta kasance, bayan an buɗe da Innalillahi:

"Muna sanar da 'yan'uwa rasuwar mahaifinmu, Alhaji Wane, wanda aka fi sani da Baffa na Shinkafi, yau Talata da misalin ƙarfe 10 na safe a gidansa, bayan jinya. Za a yi jana'iza yau bayan sallar Azahar, ƙarfe 2:30, a ƙofar gidansa. Zaman karɓar gaisuwa a nan gidan ne, maza a zaure, mata a cikin gida. Duk wanda yake bin sa bashi, ko marigayi yake bi, ko akwai ajiya a tsakaninsu, ya kira Yaya Babba shi kaɗai. Muna roƙon duk wanda ya saɓa wa ya yafe masa. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa, ya kyautata namu zuwan. Sanarwa daga ɗansa, a madadin iyalai."

Ku dubi abin da ke ciki. An faɗi suna da laƙabi da gari, domin a babban dangi Baffa ya fi biyar, Alhaji kuwa ba ya ƙirguwa. Duk wanda ya daɗe a zauren dangi ya taɓa ganin an rubuta "Baffa ya rasu" kawai, aka kwashe sa'a guda ana yi wa Baffan Ƙaura addu'a, alhali yana kasuwa yana cinikin wake, na Zurmi ne ya tafi. An faɗi rana da sunanta, ba "yau" kaɗai ba, saboda wanda wayarsa ba caji, ko yake ƙauyen da sai an hau tudu ake samun sabis, gobe zai karanta, ya ga "yau bayan Azahar" ya tashi ya kama hanya a banza. An haɗa lokacin sallah da na agogo, domin masallatai ba sa tayar da Azahar lokaci ɗaya. Dalilin mutuwa kalma biyu ya samu, "bayan jinya". Sunan ciwon, da asibitin da aka kwana, da wanda ya biya kuɗin magani da wanda ya ƙi biya, duk ba na zaure ba ne.

Layin bashi shi ne wanda kuka fi tsallakewa, wai kunya. Ku da ba ku jin kunyar ɗora hoton gawa! A maƙabarta kuna ji ana tambaya ko akwai mai bin mamaci bashi, kuma kun san hadisin da Annabi ya dakata bai sallaci wani mamaci ba sai da Abu Ƙatada ya ɗauki nauyin bashinsa. Dattijon da ya yi shekaru yana cin kasuwar Alhamis ta Shinkafi, da wuya a ce ba buhun wani a hannunsa ko nasa a hannun wani, kuma yawanci ba a rubuce ba. Ba a raba gado sai an biya bashi. Amma a lura da kalmar "shi kaɗai". In ba a sa ta ba, za ka ga wani ɗan ƙanin marigayi ya rubuto a bainar jama'a cewa akwai dubu arba'in ɗinsa na taki, tun ba a dawo daga maƙabarta ba.

Akwai kuma abin da ba a sa ba da gangan, wanda mutanen Kano ko Zariya ba lalle su kula da shi ba amma ɗan arewacin Zamfara ya san shi. Ba a rubuta wa zai taho, da wace mota, ta wace hanya, da ƙarfe nawa. Zauren dangi mai mutum ɗari ba ɗakin sirri ba ne. Waya tana ɓata, ana aron ta, ana tura saƙo gaba ba tare da mugun nufi ba. "Alhaji na Abuja ya taso, zai bi ta Dauran da La'asar" magana ce ta mutum biyu a kira, ba ta zaure ba. Haka lambar asusun banki. In dangi za su haɗa gudummawar abincin baƙi, abu ne mai kyau, asalinsa ma sunna ne, domin da Ja'afar ɗan Abu Ɗalib ya yi shahada a Mu'uta cewa aka yi a dafa wa iyalinsa abinci, ba su su dafa wa jama'a ba. Amma a bari sai an binne, a fito da ita a saƙo dabam, kuma kafin ka tura ko sisi ka kira mai asusun ka ji muryarsa. Masu sace WhatsApp ɗin mutane ranar makoki suke so, ranar da ba mai natsuwar bincike.

Yanzu ta'aziyyar kanta, wadda kuka ce ba abin koyo a ciki. In haka ne, me ya sa duk taku iri ɗaya ce? Mutum na farko ya rubuta "Allah ya jiƙansa da rahama", sauran sittin suka kwafa suka manna, har da kuskuren rubutun na farkon. Wasu ko wannan wahalar ba su sha ba, sitika suka jefo, ko hoton fuska mai hawaye. Wani gwani kuma ya turo doguwar addu'ar Larabci da ya samo a wani zauren, da tambarin Forwarded a samanta, ga lamirin mace a ciki domin wata Hajiya aka rubuta wa tun bara. Mutumin da ya ɗaura auren uwarka da ubanka, ya raɗa maka suna, iyakar abin da ya samu daga gare ka ke nan?

A zaure na gaske ba haka kake yi ba. Kana shiga ka durƙusa, ka nufi babban gida, ka ce "Ashe Baffa lokaci ya yi. Ya haƙuri?" In bakin Zamfara ne ka ce "Ya hanƙuri? Allah shi jiƙai nai, shi gahwarta mai." Ka san wa kake yi wa magana. To rubutun ma haka ne: a kira waɗanda aka yi wa rashi da sunan da ake kiran su, a bi girma, a yi addu'a, a faɗi abu ɗaya na gaskiya game da marigayi, a faɗi yaushe za a zo. Misali, daga ɗan ƙanwar marigayi da ke aiki a Kaduna:

"Inna da Gwaggo, Yaya Babba da sauran 'yan'uwa, ya haƙurinmu? Allah ya jiƙan Kawu, ya haskaka kabarinsa, ya sa can ta fi masa nan. Shekarun da na yi karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura, bai taɓa shigowa garin ya koma bai neme ni ba, kuma bai taɓa zuwa hannu rabbana ba. Allah ya saka masa da Aljanna, ya ba Inna da Gwaggo juriyar takaba, ya albarkaci bayansa. Ban sami jana'iza ba, amma ina nan tafe in Allah ya yarda, zan kira Yaya."

Layi biyar ne ko shida. An ce "haƙurinmu", domin ɗan dangi ba baƙo ba ne da zai tsaya daga waje yana ba wasu haƙuri. An ambaci matan, waɗanda za su zauna takaba wata huɗu da kwana goma bayan kowa ya watse ya koma harkarsa, kuma su ne aka fi mantawa a rubutu. Abin tunawar ƙarami ne, amma nasa ne, ba wanda zai iya kwafe shi ya manna. Ba sai ka ce marigayi bango ne majinginar al'umma ba, an faɗa wa kowane mamaci wannan. Kuma kada ka yanke masa hukunci ka rubuta "ya tafi Aljanna". Roƙo ake yi, ba a raba makullai.

Wani zai ce, to ai Inna ba ta karatun boko, rubutun na wa ne? Madalla, yau ka yi tambaya mai ma'ana. Shi ya sa ake bin rubutu da saƙon murya, gajere, wanda bai wuce minti ɗaya ba, a faɗi sunanka da na mahaifinka a farko don ta gane mai magana, sai wata jika ta kunna mata. Ba wa'azin minti goma sha biyu ba. Kowane dangi yana da malaminsa na zaure wanda ke jiran irin wannan rana, kuma gara in tsokane shi tun yanzu, tun da ba ya raina ni.

Malam, na san ra'ayinka a kan sadakar uku da ta bakwai da ta arba'in. Na kuma san ra'ayin ɗan'uwanka da ke gefe, wanda ya riga ya sa a jiƙa geron gumba. Wannan saɓani ya girmi zauren nan, tun kafin a kafa Izala a Jos a 1978 ake tafka shi, kuma ba ranar rasuwar Baffa za a kammala shi ba. Dubarar da na ga tana aiki ita ce mai sanarwa ya rubuta "zaman karɓar gaisuwa na kwana uku", wanda kusan kowa ya yarda da shi. In iyalan za su yi addu'a a rana ta uku, su faɗi lokaci kawai, mai zuwa ya zo, wanda ba ya zuwa ya yi tasa addu'ar a gida ya kama bakinsa. Mai kula da zaure kuma ya san aikinsa: hoton gawa, da bidiyon maƙabarta, da gardamar bidi'a, da tallan atamfa, duk a goge. In abin ya faskara, akwai wurin da ake rufe zaure ya zama masu kula kaɗai ke iya rubutu, a rufe na 'yan sa'o'i har a dawo daga binnewa. Jikoki masu wasa da kaka, ku ma ku yi haƙuri. Na san haƙƙinku ne ku tsokani tsoho ko bayan ransa, amma zolayar da ake yi a tsakar gida ana ganin fuskar mai yi, a rubuce kuwa ɗan da ke kuka a Fatakwal ba zai ga murmushinku ba.

Dattawa, na ga kun fara gyara rawani kuna jin daɗi an zage samari. To ga abin da zan ba ku kyauta, domin a nan gaskiyarku ce. A farkon Satumban 2021 aka katse layukan waya a faɗin jihar Zamfara saboda matsalar tsaro, aka kuma rufe kasuwannin mako. Gusau ta sami nata a farkon Oktoba, sauran wurare kuwa suka ci gaba da zama shiru har makonni bayan haka. A wannan tsakani mutuwa ba ta tafi hutu ba. Mutane suka koma wa takarda da direban tasha, wasu suka riƙa fita jihar don su yi kira ɗaya. Dangin da suka san gidan juna da ƙafa, suka san direban da ke bin hanyar garinsu, su ne labari ya riƙa isa gare su. Wanda duk zumuncinsa a cikin waya yake, sai da sabis ya dawo ya ji wa ya rasu. Don haka saƙo ba ya sauke nauyin zuwa ga wanda ke da iko da hanya. Wanda ke Ƙaura aka yi rashi a Ƙaura, ya turo "ya haƙuri" daga shagonsa, wannan ba uzuri gare shi ba, lalaci ne. Na nesa kuwa ya rubuta a ranar, ya kira a cikin kwana ukun, ya zo in hanya ta yi kyau, ko da bayan wata ne. Ba a taɓa korar mai gaisuwa don ya makara ba.

Amma ku ma ku bar cewa wanda bai zo ba bai damu ba. Kada ku tilasta wa yaro ya kama hanyar Zurmi da yamma don gudun bakinku, a wayi gari ana neman kuɗin fansa a kan kuɗin makoki. In ya kira, ku amsa masa da daɗin rai, ku ce ya zauna sai an ga hali.

Ku kuma samari, kafin wani rashin ya zo, Allah ya jinkirta mana, ku zauna da babban gida a tsayar da mutum ɗaya mai sanarwa, a rubuta sunayen waɗanda za a kira kafin a saki komai. Wanda kuma ya san babban yatsansa ya fi hankalinsa sauri, ranar ya ba ƙanwarsa ajiyar wayar.